Sabon jadawalin motocin ma'aikata: littafin aiki

Laraba, 3 ga Janairu 2024

Yau Oga ya kira ni ofis ya ce daga tsakiyar wannan wata motoci huɗu za su riƙa ɗaukar ma'aikata, ba biyar ba. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 600, kuma duka motocinmu fetur suke sha, har da Kwastocin.

Ga yadda muke a yanzu. Masana'antarmu ta roba ce, a Sharaɗa, kuma injinan narka roba ba a kashe su sai da babban dalili, don haka aiki kashi uku ne: 'yan safe su karɓa ƙarfe bakwai, 'yan rana ƙarfe uku, 'yan dare ƙarfe sha ɗaya. Layuka biyar ne. Na Kurna, na Rijiyar Zaki da na Naibawa kowanne Homa ce mai kujera 18. Na Mariri da na Panshekara Kwasta ce mai kujera 30. Kowane direba yana da layinsa da motarsa, kuma a ƙofar gidansa take kwana, domin kusan dukkansu an ɗauke su aiki ne daga unguwannin da suke ɗauko mutane.

Homar Naibawa za a ajiye, ita ce ta fi tsufa, baƙin mai ma sha take yi. Na ƙirga 'yan safe daga littafin get: Mariri da Hotoro mutum 16, Naibawa da Unguwa Uku mutum 11. Jimla 27, Kwasta ɗaya za ta ɗauke su har kujera uku su rage. Direban Naibawa ba za a sallame shi ba, zai zama na ko-ta-kwana.

Oga ya ƙara da wani abu: yana so direbobi su riƙa zagayawa kowane mako, saboda ƙorafin da ake kai masa cewa wasu sun daɗe suna shan dogon layi da aikin dare, wasu kuma suna hutawa.

Litinin, 8 ga Janairu

Na bi Ɗan Hotoro, direban layin Mariri, a Kwasta don a auna sabon layin da agogo. Mun tashi Mariri ƙarfe shida daidai, muka tsaya Hotoro, muka bi baifas muka ɓulla Naibawa, muka hau titin Zariya zuwa Unguwa Uku, Dangi, titin Gidan Zu, sai Sharaɗa. Bakwai saura minti goma muna get. Ya yi, amma babu sarari sosai. Hazo ya yi kauri a baifas, ga tireloli da ke kwana a gefen titi babu fitila, ba wurin gudu ba ne. Minti goma da suka rage su ne na canza kaya da karɓar inji daga hannun ɗan dare.

Abin da na lura da shi a hanya: wuraren tsayawar ba su da wata alama. A Hotoro wajen wani mai shayi ne, a Naibawa gaban wani shagon faci ne da bai ma buɗe ba a lokacin. Ɗan Hotoro bai taɓa duba komai ba, da ya hango wata mata mai jan mayafi sai ya fara taka burki.

Juma'a, 12 ga Janairu

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna da direbobi a inuwar gareji. Matasan sun yi murna da zagayen. Baba Na-Kurna bai ce komai ba sai da aka gama, sannan ya ce, “Malam, ni dai in an ce in je Mariri zan je. Amma Mariri ba nan kusa ba ce.” Ya fi shekara goma a layin Kurna, wasu daga cikin waɗanda yake ɗaukowa ma a gabansa aka yi musu aure.

An raba takarda. Tsarinta irin na da ne wanda muka gada: suna, layi, mota, lokaci. Mako na farko Baba Na-Kurna zai yi Mariri da Naibawa a Kwasta, ƙarfe shida. Ɗan Hotoro zai yi Kurna a Homa, ƙarfe shida. Na Rijiyar Zaki da na Panshekara sai mako mai zuwa za su canza, don kada a girgiza komai lokaci guda. An manna kwafi ɗaya a get, ɗaya a allon sanarwa na kantin abinci.

Litinin, 15 ga Janairu

Zan rubuta na yau dalla-dalla tun ban manta ba, domin na ji kowa da nasa labarin.

Jiya Lahadi kowane direba ya gama aikinsa na tsohon jadawali ya tafi gida da motar da ke hannunsa, kamar kullum. Da yamma kuma hankalin kowa yana kan wasan da Najeriya ta yi kunnen doki da Ikwatoriyal Gini, ba wanda ya yi zancen mota. Saboda haka gari ya waye Homa tana Kurna a ƙofar gidan Baba, Kwasta tana Hotoro. Takarda kuwa ta ce Baba ne mai Kwasta, Ɗan Hotoro mai Homa. Ba ta faɗi inda za a yi musanyar ba, ba ta faɗi yaushe ba.

Kowannensu ya cike gurbin da nasa tunanin, kuma in ka saurare su babu wanda za ka ce ya yi wauta. Ɗan Hotoro ya ce tunda mota za a canza, ai a kamfani ake canzawa. Ya tashi tun kafin assalatu, biyar da minti ashirin yana get da Kwasta, ya miƙa wa maigadi makulli ya zauna jiran Homa. Shi kuma Baba Na-Kurna ya ce mota mota ce, abin da aka canza masa hanya ce, in ya kawo mutane sai a yi musanyar a cikin kamfani. Bai san cewa mutanen layin sun kai 27 ba, domin a takarda ba a rubuta yawan mutane.

Sai batun lokaci. A wajen Baba, “ƙarfe shida” na nufin ya yi sallar asuba a masallacin unguwarsu, ya goge gilashi, ya tayar da mota shida saura biyar, domin daga gidansa zuwa Rijiyar Lemo inda yake fara ɗiba minti biyar ne. Shekara da shekaru lokacin tashi da lokacin isa wurin ɗiba abu ɗaya ne a wajensa. Yau ma haka ya yi. Sai dai daga Kurna zuwa Mariri ketare gari ne gaba ɗaya, daga arewa maso yamma zuwa gabas, ko da titi babu kowa sai ka yi minti arba'in.

Yana fitowa titin Katsina, ga mutanensa na Kurna su biyar a tsaye cikin rigunan sanyi, waɗanda suka saba riga kowa fitowa. Sun ga motarsu, sun ga direbansu, suka ɗaga hannu. Ya tsaya ya ce musu yau ba shi ne nasu ba, wata motar na tafe. Wata dattijuwa da ke ɓangaren shirya kaya ta ce, “Haba Baba, ba kamfani za ka ba?” Ya ce kamfani za shi amma sai ya biya Mariri. Suka ce ba komai, ya fi tsayuwa a sanyin nan. Ya ce min daga baya, “Malam, matar nan ta girme ni. In ce mata ta sauka?” Da haka kujera biyar suka tafi, saura 13.

A get kuwa Ɗan Hotoro ya yi sallah da maigadi, ya kira Baba ya fi a ƙirga, wayar a kashe. Ashe ba su da wuta tun Asabar, ya kai ta wajen mai caji ya bar ta can. Shida da minti biyar maigadi ya kira ni. A lokacin abin da na sani shi ne Kwasta tana get, Homa ba a san inda take ba, kuma layuka biyu suna jira. 'Yan Kurna ne suka fara kira suna cewa ba su ga mota ba, sai muka ɗauka ko Homa ta ƙi tashi saboda sanyi. Aka ce Ɗan Hotoro ya ɗauki Kwasta ya nufi Kurna tunda can takarda ta ba shi, ya duba Baba a hanya.

Shida da ashirin da biyar wata yarinya daga cikin biyar ɗin ta kira ni tana tambaya ko za a rubuta musu latti. Na ce kuna ina? Ta ce sun kusa gadar Hotoro. Na ce ta ba Baba wayar.

“Baba, kana ina haka?”

“Ga ni zan shiga Mariri, Malam. Ba can kuka ce ba?”

“A wace mota?”

“A motata mana.”

Na ce ya ci gaba, tunda ya riga ya kai. Kwasta kuma a lokacin ta wuce Tal'udu ta hau titin Aminu Kano, juyo da ita ba zai amfani kowa ba.

Ya isa Mariri bakwai saura ashirin da biyar. Wasu sun gaji sun hau adaidaita sahu, waɗanda suka rage kuma Kwasta suke jira. Farar Homa ta zo ta rage gudu, ba wanda ya motsa, sun ɗauka motar haya ce mai zuwa Wudil. Shi ma bai san fuskarsu ba, bai san takamaiman wurin ba, ya wuce su har sai da yarinyar nan ta hango wani da take gani a kantin abinci ta ce, “Baba tsaya, ga 'yan kamfaninmu can.” Ya yi ribas. A Hotoro ma sai da aka nuna masa mai shayin. Kafin ya bar Hotoro mota ta cika.

A Naibawa mutane suka taso, ya leƙo ya ce babu wuri. Nan aka yi 'yar hayaniya, wani matashi ya ce dama an haɗe layin ne don a wulaƙanta 'yan Naibawa. Wasu sun so a matsa a yi lodin huɗu-huɗu har da zaman kan inji, Baba ya ƙi, kuma na goyi bayansa. Homar Rijiyar Zaki, da ta sauke mutanenta bakwai saura kwata, ita na tura ta kwaso su.

Sakamako: Kwasta mai kujera 30 ta shigo da mutum 11 daga Kurna bakwai da ashirin. Homar Baba ta shigo bakwai da talatin da biyar. 'Yan Naibawa takwas saura kwata. Mutum shida sun biya kuɗin adaidaita daga aljihunsu.

Abin da ya fi tsada bai faru a titi ba. Ɗan dare ba ya barin inji sai wanda zai karɓe shi ya zo, don haka mutum tara da suka kwana a tsaye sun ƙara kusan awa guda. Kuma motocin da ke kawo 'yan safe su ne ke mayar da 'yan dare gida bakwai da kwata, sai ga shi har waɗanda aka karɓa a kan lokaci suna zaune a bakin get suna gyangyaɗi. Takwas da 'yan mintuna suka tafi.

Talata, 16 ga Janairu

Shugaban ɓangaren injina ya so a rubuta wa Baba takardar gargaɗi. Na kai wa Oga jadawalin na ce ya nuna min layin da Baba ya saɓa. An ce Mariri, ya je Mariri. An ce shida, ya tashi shida. Abu ɗaya da za a iya kama shi da shi shi ne mota, shi ma Kwastar ba a hannunsa ta kwana ba. Oga ya yi shiru, ya ce to a bar maganar, a biya 'yan dare kuɗin ƙarin awa, a mayar wa masu adaidaita kuɗinsu, kada a rubuta wa kowa latti.

Ni a ganina ɗaukar mutum biyar ɗin nan ne kaɗai abin da ya yi da bai kamata ba, kuma na faɗa masa tsakanina da shi. Ya ce ya sani.

Tsohuwar takardar ta yi aiki shekaru ne saboda abubuwa huɗu ba su taɓa rabuwa ba: direba, motarsa, gidansa da bakin layinsa. Duk abin da ba a rubuta ba yana kan direba. Da aka raba su sai ga shi takardar ba ta faɗi rabin abin da ake bukata ba. Yau na sake zana ta. Lokaci ya zama gida biyu, na tashi daga inda mota ta kwana da na isa wurin ɗiba na farko. An ƙara gidan “inda mota za ta kwana” da na yawan mutane. A bayan takarda an jera wuraren tsayawa da alamarsu yadda mutane ke faɗa, mai shayi, shagon faci, gidan mai, ba sunan titi ba.

Jiya da rana an yi musanyar motoci a cikin kamfani. Yau Baba ya tashi biyar da kwata da Kwasta, ya yi asuba a wani masallaci a bakin titin Maiduguri, shida yana wurin. Ya shigo bakwai saura biyar.

Asabar, 20 ga Janairu

An sayo kwali an rubuta sunan kowane layi da manyan baƙaƙe, ana ajiyewa a gaban gilashi. Kwalin na layi ne, ba na mota ba, in direba ya canza layi sai ya karɓi kwalin tare da makulli. Kowane layi kuma ya zaɓi mutum ɗaya cikin waɗanda ke hawa a wurin farko, shi ke riƙe lambar direba da tawa, shi ke zama a gaba ya nuna hanya a makon farko. A Mariri wani ɗan ɓangaren lantarki suka zaɓa.

Ranar canji ma ta tashi daga Litinin. Lokaci ɗaya ne a yini da motoci huɗu ke tsaye a harabar kamfani kuma kowa idonsa biyu: ƙarfe uku na rana. Daga yau musanya ranar Asabar ce a wannan lokaci, a gabana, a duba mai da taya, a rubuta mita. Sabon direba zai fara da mayar da 'yan safe gida da rana tsaka, ya ga inda kowa ke sauka, ya kwana da motar da ta dace. Safiyarsa ta farko kuma ta faɗo Lahadi, ranar da ma'aikata ba su kai rabi ba.

Baba da Ɗan Hotoro sun roƙi a bar su su ƙara mako guda a inda suke tunda sun fara gane hanya. An yarda. Na Rijiyar Zaki da na Panshekara suka yi tasu musanyar yau, lafiya lau.

Laraba, 24 ga Janairu

Baba ne da daren gabas a wannan mako. 'Yan dare ba su da yawa, mota biyu ke yi, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ya kawo su sha ɗaya saura, ya ɗauki 'yan rana sha ɗaya da kwata, ya sauke na ƙarshe a Mariri wajen sha biyu, sannan ya kamo hanyar Kurna da mota babu kowa. Ɗaya saura kwata yake shiga gida. Biyar da kwata kuma ya tashi mota. In ka cire wanka da cin abinci, barcinsa bai kai awa huɗu ba.

A da, in daren yamma ya faɗo kansa, mutumin ƙarshe a Rijiyar Lemo yake sauka, minti biyar yana kan katifa, kuma sai shida saura zai fita. Aikin dare ɗaya ne a takarda, amma bambancin ya kusa awa ɗaya da rabi na barci. Wakilin Mariri ya gaya min a ɓoye cewa da safen nan a baifas ya ga Baba yana ta murza ido yana tauna goro. Na sa na ko-ta-kwana ya karɓi daren har ƙarshen mako.

Litinin, 29 ga Janairu

Na zauna da littafin mai da na mita. Oga ya yi tsammanin ganin ragi, babu shi.

Homar Naibawa da aka ajiye tana shan kusan lita 11 a rana, wannan shi ne abin da aka so a tsira da shi. To ga abin da ya maye gurbinsa. Daga gidan Baba zuwa Mariri mita ta nuna kusan kilomita 20. Yana yin ta da safe babu fasinja, yana yin ta da yamma babu fasinja, kilomita 40 ke nan. Kwastarmu a cikin gari kilomita biyar take yi da lita, lita takwas. Ɗan Hotoro shi ma haka, daga gidansa zuwa Rijiyar Lemo da dawowa kusan kilomita 40 a Homa mai yin bakwai da lita, kusan lita shida. Su biyu kaɗai lita 14 a rana, a kan naira 650 ya kama 9,100, ba a ɗauki ko mutum ɗaya ba. Ban ma sa na sauran biyun ba, ban sa zagayen da Kwasta ke yi ta Naibawa ba.

Wato haɗe layin ya rage mai, zagayen direbobi ya cinye ragin har ya ci gaba da cin na aljihu.

Oga ya ce to motoci su riƙa kwana a kamfani. Na lissafa masa wannan ma. Kowace mota za ta fita daga Sharaɗa zuwa bakin layinta babu kowa, wanda bai fi na yanzu sauƙi da yawa ba a dogayen layuka. Sannan direba da ke Kurna ko Hotoro da me zai zo Sharaɗa ƙarfe biyar saura na asuba? Adaidaita ba ta fito ba, wanda ke da babur kuma sai an ba shi kuɗin mai. Ya ce in je in kawo wata shawara.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Na sake zama da direbobin, wannan karon ba Oga. Na tambaye su ƙorafin da suka kai tun farko, na mene ne takamaimai? Ashe ba layi ba ne. Na Panshekara ya ce shi bai taɓa son Kurna ba, abin da ke damunsa shi ne kusan kullum daren yamma a kansa yake ƙarewa saboda Kwasta ce a hannunsa. Ɗan Hotoro ya ce nasa layin ya fi na kowa tsawo, yanzu an ƙara masa Naibawa, kuma albashi ɗaya ne da mai gajeren layi.

Abin da muka tsayar, kuma Oga ya sa hannu da yamma: kowa ya koma layinsa da motarsa daga Asabar 10 ga wata. Dare ne kaɗai zai riƙa zagayawa, kuma a cikin shiyya. Daren gabas tsakanin Ɗan Hotoro da na ko-ta-kwana, wanda gidansa ke Naibawa. Daren yamma tsakanin sauran ukun, tunda 'yan daren yamma ba su wuce 15 ba, Homa ma ta isa. Dogon layi kuma an sa masa ɗan alawus. Na so a ce a kan kilomita za a biya, Oga ya fi son kuɗi tsayayye a wata, aka bar shi a haka.

Abu ɗaya na riƙe daga zagayen. Sau ɗaya a wata kowane direba zai bi wani layi da rana a kujerar gefe, don ranar da wani ya kwanta rashin lafiya ko aka yi masa haihuwa kada a rasa wanda ya san mai shayin Hotoro. Kwalaye, wakilan layi da sabuwar takarda duk suna nan.

Da na gaya wa Baba zai koma Kurna, cewa ya yi, “To Malam, yanzu da na fara sabawa da mutanen Mariri?” Wakilinsu ma har ya kawo masa goro daga kasuwar.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Mako guda cif a kan sabon tsari. Mai ya sauka da kusan lita takwas a rana in aka kwatanta da Disamba, ba 11 ba, saboda zagayen Naibawa. Latti sau ɗaya, ranar Alhamis, tayar Kwasta ta yi faci a Unguwa Uku.

Matsalar da ta rage kujeru ce. An ɗauki sabbin ma'aikata biyu, dukansu 'yan Hotoro, layin ya zama 29 cikin 30. Na rubuta wa ofishin ɗaukar ma'aikata cewa kafin a sa sabon mutum a aikin safe a tambaye ni unguwarsu. In aka ƙara biyu, ko dai a mayar da 'yan Unguwa Uku wata motar, ko a tayar da Homar Naibawa, wadda batirinta ma an cire an sa wa ta Rijiyar Zaki.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Ana sa ran fara azumi wajen 11 ga Maris, in an ga wata. Ɓangaren injina suna so a dawo da karɓar aikin safe ƙarfe shida, a tashi biyu, don mutane su tsira daga zafin rana. In haka ta tabbata, Kwasta za ta bar Mariri ƙarfe biyar, lokacin da ake tsakiyar sahur, kuma asuba za ta riske su a hanya. Sai an nemi masallacin da zai ɗauki mutum talatin a kan titin Zariya, a ƙara minti sha biyar a lissafi, wato tashi biyar saura kwata. 'Yan dare kuma za su karɓa ƙarfe goma, ɗibarsu za ta faɗa daidai lokacin da ake tashi daga asham da wuraren tafsiri, titi a cike.

Na nemi a ba ni amsa kafin Juma'a. Ko me aka yanke, ba zan bari sabon lokaci ya fara ranar ɗaya ga azumi ba. Na ce a fara shi Asabar 9 ga Maris da rana, a yi safiyar Lahadi ana cin abinci. Gobe zan bi Ɗan Hotoro ƙarfe biyar saura kwata mu auna, Baba kuma zai auna nasa daga Rijiyar Lemo ranar Laraba. Na ce masa ya karɓo wayarsa daga wajen mai caji tun da yamma.